Hular da Aka Dawo da Ita daga Kaduna

A wannan makon za mu ba ku labarin wani abu da ya faru a gidanmu lokacin hutun da ya wuce, domin mun san da yawa daga cikinku ku ne kuke rubuta wa iyaye saƙo idan mai saye ya nemi kayan sana'arsu.

Innarmu tana ɗinkin hula da hannu. Wani abokin kawunmu da ke Kaduna ya ga guda a kan kawun, ya ce a yi masa irinta. Da aka gama, aka sa ƙanwarmu da ke aji biyu na babbar sakandare ta aika masa da bayani. Ga abin da ta rubuta: "Hula mai kyau, ɗinkin hannu, shuɗiya, lamba 22 da rabi." Ya ce lambarsa ke nan, a kawo. Aka kai tasha aka ba direba. Bayan kwana uku hula ta dawo. Mutumin ya ce ta matse masa kai, kuma shuɗinta bai kai na kawunmu duhu ba. Aikin makonni ya dawo gida, an biya kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin da aka sa rai za a cike na makarantar ƙanwar tamu da shi bai zo ba.

Ƙanwarmu ta ce, "Yaya, ni fa ban yi ƙarya ba." Gaskiyarta, ba ta yi ba. Amma wanda yake nesa cinikin biri a sama yake yi, idonsa kawai shi ne bayanin da aka rubuta masa. Da muka zauna da tef ɗin tela, sai muka gano wurare uku da bayanin ya gaza.

Na farko shi ne awo. Lambar hula ba wani abu ba ne illa tsawon kewayen kai a inci. Ana ɗora tef a goshi, a bi da shi ta saman kunnuwa zuwa ƙeya, a dawo inda aka fara. Wanda kansa ya ba da inci 22, wato kusan santimita 56, lamba 22 yake sawa. Kuskuren ƙanwarmu shi ne ta naɗa tef a bayan hular, alhali kai a ciki yake shiga. Ku tuna darasin da'ira da aka yi muku a lissafi. Idan kaurin jikin hula ya kai milimita 2, kewayen waje zai fi na ciki da 2 sau 3.14 sau 2, wato kusan milimita 13. Wannan rabin inci ke nan. Hular da ta auna 22 da rabi ta waje, ashe 22 ce ta ciki, shi ya sa ta matse mai ita. Saboda haka ku zagaya da tef ta cikin bakin hula, ku kuma auna tsayinta daga baki zuwa inda aka haɗa samanta, tunda wani doguwa yake so don ya karya ta, wani kuwa gajera. Sannan ku faɗa ko kafin wanki kuka auna ko bayansa. Mai wankin hula yana sa mata sitaci ya ɗaura ta a gungumen icce ta bushe, kuma girman gungumen yana iya ɗan buɗa ta.

Na biyu shi ne kayan da aka yi ta da su. "Ɗinkin hannu" ya faɗi yadda aka yi aiki, bai faɗi da me aka yi ba. A ce wane irin yadi ne a ƙasa, wane irin zare ne a kai, na auduga ne marar sheƙi ko mai sheƙi. A nan ku yi hattara da kalmar siliki. Zare mai sheƙi da yawa da ake kira siliki a kasuwa na roba ne ko na wani haɗin masana'anta. Idan ba ku tabbatar ba, ku rubuta "zare mai sheƙi" ku tsaya a nan. Launi ma haka. "Shuɗi" gida ne mai ɗakuna da yawa: akwai mai duhu kamar na baba, akwai ruwan bula, akwai mai haske kamar sararin sama. Ku duba hular a hasken rana, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba, ku kwatanta launin da abin da mai saye ya sani.

Na uku, wanda ya fi wuya, shi ne bambancin da ke tsakanin hula da 'yar'uwarta. Da muka tambayi Inna dalilin da ya sa shuɗin ya sha bamban, sai ta ce, "Zaren hular kawunku ai bara na saye shi. Na koma wurin mai zaren, wannan ya ba ni, ya ce shi ne." Rini biyu ba sa faɗuwa daidai, hannu kuma ba inji ba ne. Zanen wannan yana iya ɗara na waccan faɗi kaɗan, inda zane ya zagayo ya haɗu a ɗinkin baya yana iya ɗan gocewa. Ku juya cikin hular hannu za ku ga ƙulle-ƙullen zare da sukar allura da ba su zama tsawo ɗaya ba. Ta inji kuwa kowane layi kamar an buga da hatimi. Wannan bambanci ba aibi ba ne, amma wajibi ne a faɗe shi tun kafin a biya.

Sai dai kada "ai aikin hannu ne" ya zama mafakar ɓoye aibi. Zaren da ya warware, bakin da ya karkace, tabon da ya ƙi fita, rinin da ke zuba idan an goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kai, da rabin inci da ya ɓace a awo, duk aibi ne. A gyara, ko a faɗa a rage kuɗi. Ma'auninmu shi ne: idan abin zai hana mutum sa hular ko ya rage mata kwana, aibi ne.

Ga yadda muka sake rubuta bayanin: "Hula ɗinkin hannu, lamba 22, an auna ta ciki bayan wanki. Tsayi inci 4. Farin yadi ne a ƙasa, an cike shi da zare mai sheƙi, shuɗi mai haske da ratsin ruwan toka. Zanen irin na wadda ka gani ne, amma shuɗin ya fi nata haske, don ba lokaci ɗaya aka sayi zaren ba." Da wannan bayani wani malamin makaranta mai lamba 22 ya saye ta, kuma ba ta dawo ba.

Aikinku na wannan mako: ku ɗauki faifai ko kwando biyu da hannu ɗaya ya saƙa a gidanku. Ku auna faɗin baki da zurfi, ku rubuta ko da kaba aka yi ko da wani abu, sannan ku nemo bambanci biyu a tsakaninsu, ku yanke hukunci ko aibi ne ko halin aikin hannu. Ku karanta wa wanda bai gan su ba, ku ji ko zai iya nuna wanda kuke nufi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.