Faɗuwar Hannayen Jarin Bankuna: A Faɗa wa Mai Karatu Dalili

Ranar Juma'a, 13 ga Yunin 2025, Babban Bankin Najeriya ya umarci bankunan da ke cin gajiyar sassaucinsa su dakatar da raba riba ga masu hannun jari, su jinkirta garaɓasar manyan jami'ansu, su kuma tsayar da zuba jari a rassansu na ƙetare. Da aka buɗe kasuwar hannayen jari ta Legas ranar Litinin, sai masu jari suka yi ta sakin hannayen jarin bankuna, farashi ya zube. Mu a ganinmu, duk mai rubuta sharhin kasuwa na mako da ya taƙaita wannan da cewa "tsoro ya kama masu jari" bai sauke nauyin da ke kansa ba.

Bayanin ba shi da wuya. Tun lokacin korona, a 2020, Babban Banki ya ɗaga wa bankuna ƙafa kan wasu manyan basussukan da biyansu ke tangal-tangal, bai tilasta musu lissafa su cikin gurɓatattu ba. Sabon umarnin cewa ya yi: duk wanda bai fita daga wannan rangwame ba, ya riƙe ribarsa ya ƙarfafa jarinsa. To, da yawa daga masu sayen hannun jarin banki rabon ribar nan suke hange. A ɗauka mutum ya sayi hannu ɗaya a kan naira 50 yana sa ran naira 5 a shekara, wato kashi 10 cikin ɗari. Idan naira biyar ɗin ta shiga kokwanto, wa zai sake biyan hamsin? Masu sayarwa suka yi yawa, masu saye suka ja baya, kuma da yake takardar umarnin ba ta ambaci sunan banki ko ɗaya ba, aka yi wa sashen bankuna kuɗin goro. Sakin layi guda ya isa ɗaukar wannan, tare da jimlar da ta fi kowace muhimmanci ga talaka: umarnin bai taɓa kuɗin da ke asusun ajiyarsa ba.

Za a ce ba mai iya rantsuwa kan abin da ya motsa dubban masu saye da sayarwa a yini ɗaya. Haka ne, shi ya sa muke so marubuci ya bambanta abin da ke rubuce a takarda da abin da shi ya fahimta. Amma in sanarwa ta fito Juma'a, sashen da ta shafa ya zube Litinin, ɓoye alaƙar ba taka-tsantsan ba ne. Wasu kuma na gudun kada bayani ya ƙara firgita jama'a. Abin da ya biyo baya bai goyi bayansu ba: cikin 'yan kwanaki bankuna da dama suka fito da sanarwar yadda za su fita daga sassaucin, kuma wanda aka fahimtar da shi dalilin faɗuwar tun farko shi ne ya san abin da zai duba a cikinsu, wato yawan bashin da ya rage da ranar da za a koma raba riba.