Fetur 840, gazuwal 828: wace mota ce ta fi sauƙin riƙewa yanzu?

Tun da gwamnatin Kamaru ta sake ƙara kuɗin mai a watan Fabrairun 2024, akwai wata magana da ta bazu a tashoshin mota, daga Yawunde har Garwa: wai motar gazuwal ta tashi daga aiki, tunda yanzu kuɗinta da na fetur kusan ɗaya ne. Masu faɗin haka suna da abin kafa hujja. Kafin Fabrairun 2023 litar fetur sefa 630 ce, ta gazuwal 575, ratar sefa 55. Ƙarin farko ya kai su 730 da 720. Na biyu ya kai fetur 840, gazuwal 828, ratar ta koma sefa 12 kacal. Idan aka auna, gazuwal ya hau da kashi 44 cikin ɗari a tsakanin shekara guda, fetur kuwa da kashi 33.

Dalilin ƙarin ba ɓoyayye ba ne. Tun gobarar da ta cinye wani sashe na matatar SONARA da ke Limbe a watan Mayun 2019, ƙasar ta dogara ne kan tataccen mai da ake shigowa da shi daga waje. Shugaba Paul Biya da kansa ya faɗa a jawabinsa na ƙarshen 2023 cewa tallafin mai ya ci wa baitulmali sama da sefa biliyan 1,000 a 2022. Saboda haka duk wanda ke shirin sayen mota yana jiran a koma tsohon farashi, gara ya yi lissafinsa da wanda ke allon gidan mai.

Sai dai lissafin da ake yi a tasha ya tsaya a rabin hanya. Abin da ke fita daga aljihun mai mota shi ne kuɗin tafiyar da ya yi, kuma wannan abu biyu ne ke haɗuwa su ba da shi: farashin lita, da yawan litar da motar ke sha. Hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi lita nawa motar ke sha a kilomita 100, a ninka da farashin lita.

Mu ɗauki misali da bas biyu ƙirar Hayis, irin waɗanda ke jigila a manyan hanyoyinmu, ɗaya mai fetur ɗaya mai gazuwal. A ce mai fetur tana shan lita 13 a kilomita 100 idan ta cika da fasinja da kaya, mai gazuwal kuma lita 10. Waɗannan lambobi misali ne na ɗauka don lissafi, kowace mota da irin cikinta, amma ratar ba ta yi nisa da abin da aka saba gani ba. Litar gazuwal ta fi ta fetur ƙarfi, injinsa kuma ya fi matse iska kafin ya ƙona mai, shi ya sa yake cin ƙasa mai yawa da mai kaɗan.

Mai fetur: lita 13 sau 840, sefa 10,920 ke nan a kowace kilomita 100. Mai gazuwal: lita 10 sau 828, sefa 8,280. Bambanci sefa 2,640.

To a cikin wannan 2,640 ɗin, nawa ne ya fito daga arahar gazuwal a famfo? Sefa 12 sau lita 10, wato 120. Shi ke nan. Ragowar 2,520 duk daga lita ukun nan ne da mai fetur ta fi sha. Abin da zai ba mutane mamaki ma shi ne idan aka maimaita lissafin da tsohon farashi. A wancan lokaci mai fetur tana cin 8,190, mai gazuwal 5,750, bambanci 2,440. Ashe duk da ratar famfo ta tsuke daga 55 zuwa 12, abin da mai gazuwal ke ragewa a kowace kilomita 100 bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi da sefa 200. Dalili kuwa, duk lokacin da mai ya yi tsada, kowace litar da ba ka ƙona ba darajarta ta ƙaru.

Wannan ba ya nufin mai motar gazuwal yana cikin daɗi. Kuɗin mansa ya tashi daga 5,750 zuwa 8,280, kuma kukan da yake yi gaskiya ne. Amma idan ya sayar da ita ya koma fetur don ya huce haushi, ƙara wa kansa nauyi zai yi.

Yanzu a ɗora lissafin kan hanya. Daga Yawunde zuwa Duwala kimanin kilomita 240 ne, zuwa da dawowa 480. Mai fetur za ta sha lita 62 da ɗoriya, kusan sefa 52,400. Mai gazuwal lita 48, kusan 39,700. A sawu ɗaya an samu bambancin kusan 12,700. Idan motar tana yin sawu 20 a wata, bambancin ya haura sefa 250,000. Kuɗi ne da zai iya biyan direba da yaron mota, har a samu na taya.

Da a nan maganar ta ƙare, da sai a ce kowa ya sayi gazuwal. Amma motar gazuwal takan fi tsada wurin saye. A ce dillali ya ɗora mata sefa miliyan 1.5 a kan mai fetur mai shekaru irin nata. Tunda tana rage maka sefa 26 da 'yan kai a kowace kilomita, sai ta yi tafiyar kusan kilomita 57,000 kafin ta maido maka da wannan ƙari. Mai jigilar Duwala, da ke cin kilomita 9,600 a wata, cikin wata shida ya fanshe. Amma ɗan kasuwar da ke unguwar Birketiri, wanda aikin motarsa shi ne ɗauko kaya daga sito zuwa shago da kai yara makaranta, a ce kilomita 30 a rana, kwana 26 a wata, bai wuce kilomita 780 ba. Shi sai ya shekara shida yana jira. Kafin nan kuwa wuya ne bakanike bai taɓa famfon gazuwal ko injektocin ba, kuma gyaransu ba irin canjin fulogin mai fetur ba ne. Gyara ɗaya mai nauyi zai iya lashe ribar shekara. Ga irin wannan mutum, a ganina, mai fetur ta fi masa kwanciyar hankali, ko da kuwa ta fi shan mai.

Wato mota ɗaya, farashi ɗaya, amma amsa biyu, gwargwadon nisan da mutum ke ci a wata. Shi ya sa shawarar aboki a majalisa ta "ni dai tawa ba ta ba ni matsala" ba ta isa a kashe miliyoyi a kanta ba, sai an tambaye shi ina da ina yake zuwa.

Duk wannan lissafi ya rataya ne kan sanin lita nawa motar ke sha, kuma a nan yawancinmu ke tuntuɓe. Direbobinmu da kuɗi suke auna mai. Za ka ji an ce "na dubu goma yana kai ni wuri kaza." A tsohon farashi na dubu goma kusan lita 16 ne na fetur, yau bai cika 12 ba. Sai mutum ya ga allura ta faɗi da wuri ya ce motar ta lalace, ya kai ta gareji a yi ta kwance-kwance, alhali lafiyarta ƙalau. Lambar da kamfani ya rubuta ma ba abin dogaro ba ce, don an auna ta ne da sabuwar mota, ba wadda ta yi shekara goma sha biyar a Turai kafin ta sauka tashar jirgin ruwan Duwala ba.

Awon gaskiya ba shi da wuya. A cika tanki har famfo ya katse da kansa, a rubuta lambar kilomita da ke gaban direba. A yi aikin da aka saba, da lodin da aka saba. A koma gidan man nan, in da hali famfon nan, a sake cikawa har ya katse. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce motar ta sha. A raba ta da kilomitar da aka yi, a ninka da 100. Misali lita 39 a kilomita 300, lita 13 ke nan. Kada a girgiza mota don a ƙara dura a karo ɗaya a bar ɗayan, wannan kaɗai zai iya karkatar da awon da lita ɗaya ko biyu. A maimaita sau uku a ɗauki tsaka-tsaki. In mitar kilomita ta mutu, kamar yadda take a motocin haya da yawa, a auna a kan hanyar da aka san tsawonta. Wanda zai sayi mota kuma, ya nemi mai ita ya yarda a yi wannan gwaji ko da na rana ɗaya ne. In ya ƙi, an dai gane wani abu.

Idan awon ya nuna motar da ke shan 10 ta koma 12, kafin a zargi direba da zuƙar mai a duba iskar taya, matatar iska, da ko birki na kamawa. Baƙin hayaƙi a motar gazuwal alama ce ta man da bai gama ƙonewa ba. Lita biyun nan da suka ƙaru sefa 1,656 ne a kowace kilomita 100, sun kwashe fiye da rabin fifikon da motar ke da shi a kan mai fetur.

A arewacin ƙasar akwai wani abu da ke sauya lissafin, shi ne zuwa-zuwa, fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a kwalabe da jarkoki a bakin titin Garwa da Marwa. Shekara da shekaru arhar sa ce ta sa motar fetur ta fi karɓuwa a can. Da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, farashinsa ya tashi, kuma tun daga nan yake hawa da sauka tare da darajar naira da tsananin tsaron iyaka. Da lambobin misalinmu ana iya gano inda mizanin yake: a raba 8,280 da lita 13, za a samu kusan 637. Ma'ana sai litar fetur ta sauko ƙasa da sefa 637 kafin bas mai fetur ta kamo mai gazuwal da ke sha a gidan mai. Kuma litar ta zama cikakkiya. Idan kwalbar da ake kira lita ta gaza da kashi ɗaya cikin goma, wanda ya biya 600 a gaskiya 667 ya saya, ya riga ya tsallake iyakar bai sani ba. Ba a ma zo kan batun gauraye da kananzir ba, ko haɗarin ajiye jarkoki a cikin gida, ko kwastan da ke iya kwace kayan a hanya.