Zuwa ga masu sa hannu a rahoton ɗakin jinya

Ƙannena da 'ya'yana sistocin da ke riƙe da ɗakunan marasa lafiya.

Na san nauyin da ke kanku. Nas biyu kan kwana da ɗaki cike, ga ɗauke wuta, ga ƙarancin kayan aiki, amma kuna yi. Allah ya saka da alheri.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne yadda ake sa hannu a rahoton abin da ya faru cikin dare, kafin ma a karanta shi. Kwanan baya, a wani asibiti da ba zan ambata ba, na ga rahoto mai layi uku: an tarar da dattijo a ƙasa da asuba, an mayar da shi gado, yana nan lafiya. A ƙasa ga sa hannun sista. Wallahi raina ya ɓaci. Me aka duba a nan?

Da a gabana aka kawo shi, tambayar farko ita ce lokaci. Asuba ba lokaci ba ne a rahoto. Ƙarfe nawa aka tarar da shi, kuma ƙarfe nawa aka gan shi na ƙarshe a kan gado? In an leƙa shi ƙarfe biyu aka tsince shi ƙarfe biyar, to awa uku ne ba wanda ya san halin da yake ciki. Sannan wa ya ga faɗuwar da idonsa? In babu, ƙa'ida ita ce a ɗauka ya bugu a kai, a riƙa duba hayyacinsa da ƙwayar idonsa da bugun jini kowane rabin awa na awa biyun farko, sannan kowace awa har awa huɗu. Jinin da ke taruwa a ƙoƙon kan tsoho yana iya ɗaukar awoyi ko kwanaki kafin ya nuna. Don haka "yana nan lafiya" ra'ayi ne kawai, sai an ga awon da aka yi da lokacin da aka kira likita da lokacin da ya iso.

Daga nan sai a buɗe katin magani a ajiye kusa da rahoton, abin da yawancinku kuka daina. Dattijon nan an yi masa allurar lasis da dare, maganin da ke sa fitsari, kuma yana kan insulin. Ke nan tambayoyi sun fito da kansu. Ban ɗaki ya nufa? An ajiye masa fo kusa? An auna sukarinsa bayan an ɗaga shi, tunda in ya sauka ƙasa da 3.9 jiri da ruɗewa na iya kayar da mutum? Ƙarfen gefen gado a ɗage yake? Akwai wuta a lokacin? Mai jinyarsa ina yake? Ko ɗaya rahoton bai amsa ba, alhali amsar ce za ta hana wani tsoho faɗuwa gobe.

Tun a 1859 Florence Nightingale, a littafinta kan jinya, ta koka da masu kawo wa likita ra'ayinsu maimakon abin da suka gani. Manyan da suka horar da mu a tsohon asibitin koyarwa na Tudun Wada, kafin a koma Shika, haka suke. Sai a dawo miki da takarda saboda minti ɗaya da ba ki rubuta ba, ki je ki yi kukanki ki dawo ki cike. Yanzu kuwa kara ta yi yawa. Ana jin nauyin tsare yarinya da ta kwana a tsaye, sai a ce je ki huta, a sa hannu. Wannan ba tausayi ba ne. Ranar da dangi suka tayar da magana, takardar nan ce za ta tsaya mata, kuma kun bar ta da ramuka.

Ku yi haƙuri da zafin bakina, akwai kuma waɗanda suka zarce ta ɗaya gefen. Tambayarsu ɗaya ce: laifin wa? Nas ɗin da ta san da tambayar nan za a tare ta, gobe layi uku za ta sake rubutawa, ko ta yi shiru gaba ɗaya. A tambaye ta me ya faru, sai me ya biyo baya, tana zaune, kafin ta tashi daga aiki abin ya dusashe mata. Kuma kada ku gyara mata da hannunku. Ita ta gani, ita za ta ƙara. Inda ta yi kuskure ta ja layi ɗaya yadda za a iya karanta na farko, ta sa hannu da kwanan wata. Abin da mai jinya ya faɗa mata a rubuta cewa shi ya faɗa.

Don Allah ku rubuta tambayoyin nan a kati ku manna a teburinku, kuma kada biro ya taɓa takarda sai an amsa su.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar sista mai ritaya,
Ƙofar Gayan, Birnin Zariya.