Jadawalin Jinya: Ku Ƙirga Hutun da ke Tsakani Kafin Ku Manna Takarda

Idan ciwo ya kwantar da dattijuwa a gida, kamar shanyewar ɓarin jiki, iyali kan zauna su raba jinya: wance safe, wance yamma, wance kwana. A rubuta a takarda, a ga kowane gurbi da suna, sai hankali ya kwanta. Ra'ayina shi ne cikar gurabe ba ta isa shaida cewa jadawali ya yi ba. Abin da ya fi cancantar dubawa shi ne abin da takardar ba ta nunawa, wato sa'o'in da ke tsakanin tashin mutum daga jinya da komawarsa. Idan tazarar ta gaza sa'a 11, to ku gyara jadawalin kafin ku manna shi a bango.

Wannan adadi ba ni na ƙirƙiro shi ba. Dokar lokutan aiki ta Tarayyar Turai, ta shekarar 2003, ta wajabta wa ma'aikaci hutun sa'a 11 a jere cikin kowace sa'a 24. Dokar ba ta hau kan gidajenku ba, amma dalilinta ya shafi kowane jiki. Baligi yana bukatar barcin sa'a bakwai ko fiye, kuma hutu ba duka ne ke tafiya a barci ba, akwai hanya da ci da wanka da salla da hidimar gida. A 1997 wasu masu bincike biyu a Ostareliya, Dawson da Reid, sun nuna cewa wanda ya yi sa'a 17 idonsa biyu, kuzarin hankalinsa da daidaiton hannunsa kan ragu kamar na wanda giyar da ke jininsa ta kai iyakar da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi da ita. Irin wannan hannu ne za ku miƙa wa ƙwayoyin hawan jini, da cokalin ciyar da wadda haɗiya ke yi wa wuya, da alhakin juya ta kusan kowace sa'a biyu don kada gyambon kwanciya ya kama ta.

Mu ɗauki misali. A ce Hajiya tana kwance, masu jinyarta huɗu ne: 'ya'yanta Hadiza da Rabi, surukarta Zainab, da jikarta A'isha wadda ke hutun makaranta. Sun raba yini gida uku kamar yadda ake raba duti a asibiti: safe daga ƙarfe 6 zuwa 2 na rana, yamma daga 2 zuwa 10 na dare, dare daga 10 zuwa 6 na safe. Mako guda duti 21 ke nan, sa'a 168, kowacce ta tashi da kimanin sa'a 42. Rabon ya yi adalci a lissafi, kuma a nan yawancin iyalai ke tsayawa.

Mataki na farko shi ne ku daina karanta takardar rana bayan rana, ku koma karanta ta mutum bayan mutum. Ku ɗauki suna ɗaya, ku jera dutinsa a layi guda, kowanne da ranar farawa da lokacinta, da ranar tashi da lokacinta. Ga na Rabi: Litinin yamma, Talata safe, Laraba dare, Alhamis yamma. Duti huɗu a kwana huɗu, ɗaya kowace rana, ido ba ya ganin aibu. Amma ku ƙirga. Ta tashi Litinin ƙarfe 10 na dare, ta dawo Talata 6 na safe: sa'a takwas. Daga Talata 2 na rana zuwa Laraba 10 na dare: sa'a 32, babu laifi. Dutin daren Laraba kuwa sai Alhamis 6 na safe zai ƙare, ga shi an sa ta komawa 2 na ranar nan: sa'a takwas kuma.

Wani zai ce sa'a takwas ai barcin dare guda ne cif. Ku bi Rabi gida ku gani. Kafin ta bayyana wa mai karɓarta abin da Hajiya ta ci da maganin da ta sha, ƙarfe 10 da minti 20 ta yi. Gidanta tafiyar minti 40 ce, ta isa ƙarfe 11. Ta ci abinci, ta yi wanka, ta leƙa yara, ta kwanta 12 saura kwata. Don ta fito 5 da minti 20, dole ta tashi 5 saura kwata. Barcin sa'a biyar ke nan, shi ma idan ya ɗauke ta nan take. Ta Alhamis ta fi muni, domin barcin hantsi ne cikin zafi da hayaniyar gida, a lokacin da jiki ya saba da farkawa.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane wannan ba tare da dogon lissafi ba. Matuƙar kowane duti sa'a takwas ne, tazarar da ke tsakani ba za ta wuce ɗayan waɗannan ba: babu ko kaɗan, ko takwas, ko 16, ko 24, zuwa sama. Saboda haka ƙa'idar ita ce, bayan mutum ya tashi, sai wasu sun yi duti biyu cikakku kafin ya dawo. Haɗi uku ne ke haifar da takwas ɗin nan: yamma sannan safiyar gobe, dare sannan yammacin ranar da aka tashi, da safe sannan daren ranar. Ku zagaye su da jan biro duk inda kuka gan su. Idan kuma za a sauya wa mutum lokaci, ya fi sauƙi a tura shi gaba, daga safe zuwa yamma, daga yamma zuwa dare, domin jinkirta barci ya fi wa jiki sauƙi a kan gaggauta shi.

Yanzu gyara. Abin da zai fara zuwa zuciya shi ne a mayar da Rabi safiyar Litinin, Zainab da ke da safiyar ta koma yamma. Kafin ku amince, ku waiwayi makon da ya wuce. Idan Rabi ce ta yi yammacin Lahadi, ta tashi 10 na dare, to kun ɗauke takwas ɗin daga wani wuri kun ajiye shi a wani. Wannan kuskure yana yawan ɓuya ne saboda Lahadi tana ƙarshen takarda, Litinin tana farkon wata. Gyaran da ya fi shi ne na Talata: Zainab, wadda ke da yammacin ranar, ta karɓi safe, Rabi ta karɓi yamma. Rabi ta samu sa'a 16 tsakanin yamma da yamma, sannan 24 kafin daren Laraba. Zainab ta yi safe biyu a jere, sa'a 16 tsakaninsu. Ta Alhamis kuma, A'isha da ta tashi Laraba 10 na dare ta karɓi yammacin Alhamis, Rabi ta biya ta da yammacin Juma'a. Duk musayar da aka yi, ku sake ƙirga layin mutum biyun, gabansa da bayansa. Haka nan musayar da ake ƙullawa ta waya a tsakiyar mako, ita ma a rubuta ta a ƙirga.

Mataki na biyu shi ne neman karo, wato inda aka sa mutum ɗaya a wuri biyu, ko mutum biyu suka ɗauka gurbi ɗaya nasu ne. Babban tushensa a wurinmu shi ne sunan dare. A lissafin da muka gada, dare yana gaban yininsa: daren Juma'a shi ne wanda ke shiga bayan magaribar Alhamis. A takardar asibiti kuwa, dutin dare na Juma'a yana farawa ne bayan yinin Juma'a ya ƙare. Idan aka rubuta “daren Juma'a: Hadiza”, ita tana iya zuwa Alhamis ta tarar da wata, washegari kuma ƙarfe 10 ta yi babu mai karɓa, mai yamma ta zarce har asuba, sa'a 16 a tsaye. Maganinsa a rubuta duka: Juma'a 10 na dare zuwa Asabar 6 na safe.

Sauran karon yana wajen takarda. Hadiza malamar makaranta ce. Idan aka ba ta kwanan da zai ƙare Litinin 6 na safe, ƙarfe 8 tana gaban allo, kuma wannan aikin duti ne ko da jadawalin jinya bai san da shi ba. Haka ranar kai Hajiya gashin ƙashi ko ganin likita: ɗaga ta zuwa mota sai mutum biyu, kuma sau da yawa ta biyun ita ce wadda ta kwana, tunda ita ce a kusa. Ku sa kowa ya faɗi aikinsa da karatunsa da ranar girkinsa, a rubuta su a layinsa, a ƙirga hutu daga ƙarshen kowane aiki.

Na san abin da za a ce: jinyar uwa ba aikin gwamnati ba ce da za a riƙa duba agogo, kuma hannun ba su da yawa. Gaskiya ne, idan masu jinya uku ne, kowacce sa'a 56 za ta ɗauka a mako, ba ranar hutu ko ɗaya. Amma lissafin da ya nuna haka bai yi muku laifi ba, ya faɗa muku ne cewa ana bukatar ta huɗu, kuma gara ku ji daga takarda da ku ji ranar da aka ba Hajiya magani sau biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Ya'ya maza su ɗauke kai asibiti da sayen magani da mayar da mai jinya gida, ko su haɗa kuɗi a ɗauki mai taimako na wasu darare. Inda takwas ɗin ya zama dole, a bar shi sau ɗaya a mako, mai shi ta kwana a gidan a ɗakin da ba na majinyaciya ba, a ɗauke mata girki, wata ta ware mata magungunan safe tun da dare, kuma kada ta tuƙa mota.

Sa'a 11 ma mafi ƙaranci ce, ba tabbacin barci ba ce. Mai goyo tana iya samun 16 ta dawo a gajiye. Don haka ku ajiye littafi kusa da gado, a riƙa rubuta lokacin magani da na juyi da na abinci. Idan kuka ga gurbin sa'a huɗu babu juyi a tsakiyar dare, ko mai jinya ta kasa tuna ko ta ba da ƙwaya, ko tana gyangyaɗi da cokali a hannu, kada ku fara da faɗa. Ku ɗauko jadawali ku duba ƙarfe nawa ta tashi jiya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.