Ba don Allah suke ɓoye maka saƙo ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisu da zaurukan WhatsApp: wai kamfanonin nan na Amurka sun tsaya kai da fata wajen kare sirrin mutane, ko kotu ce ta matsa musu ba sa ba da saƙo, sai dai su miƙa 'yan bayanai marasa amfani. Kwanan baya wani abokina ɗan jarida ya nuna mini rubutun nan mai ɗauke da hoton kwaɗo da ke saman hirarsa, ya ce, "Malam, ka gani? Ko alƙalin alƙalai bai isa ya karanta ba." Gaskiya ya faɗa, amma rabinta, kuma rabin da ya bari shi ne mai kai mutum kurkuku. Wannan fahimta ta yi kuskure a wuri biyu: dalilin hana saƙon ba jarumta ba ce, abin da ake bayarwar kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Mu fara da doka, don a can tushen yake. Meta da Google da Apple duk a Amurka suke, kuma dokar adana saƙonni ta 1986 ce ke iko da su. Dokar ta raba bayanai hawa-hawa. Sunan mai asusu, lambar wayarsa, ranar da ya buɗe asusun da adireshin IP da ya shiga da shi, sammaci kawai ake buƙata, wanda mai gabatar da ƙara kan iya fitarwa ba tare da alƙali ya sa hannu ba. Tarihin wa ya tuntuɓi wa da yaushe, wannan sai da umarnin kotu, amma hujjar da ake nema ba ta da nauyi sosai. Shi kuwa ainihin saƙon, manyan kamfanoni ba sa sakinsa sai da takardar izinin bincike, wadda sai an gamsar da alƙali cewa akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zaton laifi. Hukuncin wata kotun ɗaukaka ƙara a shari'ar Warshak a 2010 ne ya ƙarfafa wannan matsayi. Ke nan idan ɗan sanda yana gaggawa, ƙofar da ta fi sauƙin buɗewa zai nufa, shi ya sa da yawa daga cikin buƙatun da ke isa kamfanonin tun farko ba saƙo suke nema ba.

Ga hukumar wata ƙasa kuwa, kamar ta Najeriya ko Nijar, katangar ta fi tsawo. Dokar ta haramta wa kamfani miƙa ainihin saƙo kai tsaye ga gwamnatin waje, sai an bi ta yarjejeniyar taimakon juna a shari'a, takarda ta je ma'aikatar shari'ar Amurka, alƙalin can ya amince. Abu ne da kan ci watanni. Dokar da aka yi a 2018 ta buɗe gajeriyar hanya, amma ga ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniya ta musamman, irin Birtaniya da Ostareliya. Amma bayanan asusu fa? Haramcin bai shafi gwamnatin waje a kansu ba, kamfani na iya bayarwa in ya ga buƙatar ta dace da ƙa'idarsa. Kamfanin da ya hana saƙo kansa yake karewa daga shari'a a gida.

Dalili na biyu shi ne mutum ba ya ba da abin da ba ya hannunsa. Tun Afrilun 2016 WhatsApp ya kammala kulle saƙonni ta yadda mabuɗin yana wayar mai aikawa da ta mai karɓa kaɗai. A Burazil, a shekarar, an tsare wani mataimakin shugaban Facebook na ɗan lokaci, kotuna suka rufe manhajar fiye da sau ɗaya, duk don a tilasta ba da hirarraki, ba a samu ba. Na yarda wannan kullewa alheri ce, kuma ba zan rage mata daraja ba. Sai dai a duba abin da ke faruwa inda babu ita. A 2022, a jihar Nebraska, 'yan sanda sun kai wa Facebook takardar izinin bincike a wata shari'ar zubar da ciki, kamfanin ya miƙa hirar uwa da 'yarta ta Messenger, don a lokacin ba a kulle take ba. Kamfani ɗaya ne da mai WhatsApp. Da saƙon yana hannunsa, takardar kuma ta cika sharaɗi, sai ya bayar.

Inda na fi jin zafin maganar majalisa shi ne raina abin da ake bayarwa. Wasiƙa a liƙe take, amma dole masinja ya karanta bayan ambulan kafin ya kai ta, kuma bayan ambulan ɗin ne metadata: daga wa, zuwa wa, ƙarfe nawa, daga ina. Wata takardar cikin gida ta FBI da ta fito fili a 2021 ta nuna cewa idan kotu ta ba da umarnin sa ido kan lamba, WhatsApp na iya aiko da jerin wanda ya aika da wanda ya karɓa duk bayan minti 15.

Ga yadda hakan ke aiki a zahiri. Natalie Edwards babbar jami'a ce a ma'aikatar kuɗin Amurka, aka zarge ta da fitar da takardun sirri na bankuna ga wani ɗan jaridar BuzzFeed. Ta WhatsApp suke magana, a kulle. A 2018 masu bincike suka sami umarnin sa ido kan lambarta. Ba su karanta harafi ɗaya ta wannan hanya ba. Abin da suka gani shi ne kimanin saƙo 70 tsakanin lambarta da ta ɗan jaridar cikin minti ashirin da ɗoriya, bayan tsakar dare. Suka jera lokutan tuntuɓar da ranakun da labarai ke fitowa, suka haɗa da bayanan ofis na wanda ya taɓa takardun. Wannan ya isa a kama ta, wayar ta shiga hannu, kuma saƙon da kamfani ba zai iya buɗewa ba yana nan a buɗe a cikin wayar mai shi. Ta amsa laifi, aka yanke mata wata shida a 2021. Sawu aka bi har ƙofar gida, ba a buƙaci fasa kwaɗo ba.

A Najeriya sawun ya fi fitowa sarai. Tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, don haka lambar da ka buɗe asusu da ita tana ɗaure da sunanka, hotonka da zanen yatsunka. Adireshin IP kuma kamfanin sadarwa na cikin gida ne zai fassara shi, shi kuwa dokar ƙasa ce ke kansa, ba ta Amurka ba. Ga kuma ajiyar hirarraki da waya ke turawa Google Drive ko iCloud, wadda ba ta shiga waccan kullewar sai mai waya ya kunna da hannunsa.

Za a ce ai dole kamfani ya tara waɗannan bayanai in ba haka ba saƙo ba zai isa ba. Ban yarda ba. A 2016 an kai wa Signal sammaci daga wata kotun tarayya a jihar Bajiniya, abin da ya iya miƙawa biyu ne kacal: ranar da aka buɗe asusun, da ranar ƙarshe da ya haɗu da manhajar. Bai ƙi bin umarni ba, bai ajiye sauran ba ne. Masu ajiyewa zaɓi suka yi, wani don yaƙar 'yan damfara, wani don talla, kuma duk abin da aka ajiye sammaci na iya riskarsa. Na ce wa abokina ya buɗe saitin wayarsa mu duba ajiyar hirarrakinsa. Tana tafiya Google Drive kullum da daddare, ba a kulle ba, kuma majiyarsa uku na ciki da cikakkun sunayensu.