Amanar magana a hannun mai yanka bidiyo

Tun da aka kashe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a Kano ranar 13 ga Afrilu, 2007, muryarsa ba ta bar kunnuwan jama'a ba. Sai dai karatun da ya yi na sa'a guda ko fiye, wanda muka saurara a kaset, yau matasa da yawa a guntayen minti ɗaya suke samunsa a TikTok da Facebook da WhatsApp. Yanka dogon karatu zuwa gajeru ya zama sana'a, kuma sana'a ce mai ƙa'ida.

Kwanan baya na ga abin da rashin bin ƙa'idar ke jawowa a Kajiji, cikin ƙaramar hukumar Shagari. Wani matashi ya ɗauki karatun malamin unguwarsu na minti 50 a kan zakkar amfanin gona, ya ɗora a sitatus na WhatsApp. Manhajar ta daɗe tana tsayar da bidiyo a sakan 30, kafin ta ƙara zuwa minti ɗaya a 2024, kuma agogo take bi, ba ma'ana ba. Guntun da ya fi yawo ya tsaya daidai inda malam ya ce a fitar da buhu ɗaya cikin ashirin. Sharaɗin yana cikin guntun da ke biye: wannan hukuncin gonar da aka shayar da inji ne ko da wahalar ɗibar ruwa, amma wadda ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma ne. Manomin geron damina da ya sami buhu 40 zai fitar da biyu ke nan maimakon huɗu, yana kafa hujja da malamin da bai faɗi haka ba.

Da muka zauna da yaron, sai muka sake aikin daga tushe. Mun saurari karatun gaba ɗaya da biro da takarda, muna rubuta mintin da kowace mas'ala ta fara da inda ta ƙare. Mas'aloli shida muka samu, don haka guntaye shida ne, ba hamsin ba. Kowane guntu ya fara daga tambayar da malam yake amsawa, kuma ba a yanke shi ba sai da muka wuce kalmomin da hukunci ke rataye a kansu: "amma", "sai dai", "idan". Na ban-ruwa ya kai minti biyu da rabi. Bai dace da sitatus ba, sai muka kai shi YouTube Shorts, wanda ke karɓar minti uku tun Oktoban 2024, da kuma TikTok. A sitatus allon rubutu kawai muka sa, mai ɗauke da hukuncin biyu gefe da gefe.

Kowane dandali da irin kayan da yake ɗauka. Cikakken karatun shi muka fara ɗorawa a YouTube, domin mai shakka ya sami inda zai koma. A Facebook mun rubuta taƙaitaccen bayani tare da adireshinsa. Dattawan da ba su da data mai yawa kuwa, murya zalla muka cire musu, wadda ake turawa daga waya zuwa waya a wurin masu caji.

Abu na biyu shi ne shaida. Bayanin da aka rubuta a ƙarƙashin bidiyo yakan ɓace da zarar wani ya sauke ya sake ɗorawa. Saboda haka sunan malam, da ranar karatu, da "kashi na 2 cikin 6" a jikin hoton muka rubuta su da CapCut, inda za su bi guntun duk inda ya je.

Kafin a saki kowanne, mun kunna wa wanda bai halarci karatun ba, muka ce ya faɗa mana abin da ya fahimta. In abin da ya faɗa ya saɓa wa nufin malam, yankan ne bai yi ba. Wannan gwaji ya sa muka jefar da guntu guda, inda malam yake kawo ra'ayin wasu kafin ya warware shi. Warwarewar ta zo bayan minti bakwai, kuma duk wanda ya ji farkon kaɗai zai rantse ra'ayin malam ne. Irin wannan wuri, da lissafin gado mai hawa-hawa, ba su yankuwa; a bar su a cikin dogon.

Masu wannan aiki suna auna nasara da yawan waɗanda suka kalla, kuma guntun da aka cire wa sharaɗi ya fi jan kallo, don ya fi ban mamaki. Nan jarrabawar take. Mai almakashi bai ƙara wa malam ko harafi ba, amma inda ya tsayar da maganar zaɓinsa ne, kuma buhu biyun da miskini ya rasa a Kajiji suna wuyansa.