Agogo ya ce 3:49, amma ƙafa ba ta sa hannu ba

A ɗauki misalin wani matashi a Mahuta, kudancin Kaduna, da ya gama rabin gudun fanfalaki, kilomita 21 irin wanda aka yi a Kaduna a Nuwamban 2020, cikin awa 1 da minti 50. Yanzu yana hangen cikakken gudun Legas na watan Fabrairu, kilomita 42.195, manhajar wayarsa kuma ta yi masa albishir da 3:49. Kada ya yi saurin ɗora wannan lamba a sitatus.

Manhajoji da yawa suna aiki ne da lissafin Peter Riegel na 1977:

```
T2 = T1 × (D2/D1)^1.06
```

Wato su ɗauki lokacin gajeren gudu su miƙa shi zuwa dogo. Lissafin bai tambayi kilomita nawa mutum yake yi a mako ba, alhali nan gizo ke saƙar. Wanda bai saba da nisa ba yakan sare ne bayan kilomita 30.

Giovanni Tanda na Jami'ar Genoa ya fito da wani lissafin a 2011, mai duba atisayen makonni takwas:

```
Pm = 17.1 + 140 × exp(-0.0053 × K) + 0.55 × P
```

K shi ne kilomitan mako, P daƙiƙun da ake ɗauka a kowace kilomita wajen atisaye, Pm kuma daƙiƙun kowace kilomita ranar gasa. Idan matashin nan yana yin kilomita 30 a mako, kowace cikin minti 6 da rabi, amsar ita ce wajen 4:07. Da zai kai 60 a mako da wannan saurin, sai ta sauko kusan 3:55. Shi ma wannan lissafin an gina shi ne kan 'yan gudun da suka fi shi sauri, don haka kiyasi ne kawai. Duk da haka ya fi na farko kusa da gaskiya.

Bugun zuciya shi ne alƙalin da zai raba gardama. Ya buɗe bayanan dogon gudunsa na ƙarshen mako, ya kwatanta rabin farko da na biyu. Idan saurin bai canja ba amma bugun ya tashi daga 150 zuwa 165 a minti, jikin yana faɗa masa ba zai riƙe wannan saurin na awa huɗu ba. Sai dai a lura, agogon da aka ɗaura sako-sako yakan ɗauki takun ƙafa a matsayin bugun zuciya. In an ga lamba ta yi tsalle farat ɗaya ta maƙale a sama, a zargi ɗaurin tukuna.

Akwai kuma abin da lissafan biyu ba su sani ba. An tara bayanan ne da sanyin asubar hunturu a Kaduna, ga busasshiyar iska, gasar kuwa cikin zafi da gumin Legas za a yi ta. Gara ya tsara gudunsa a kan 4:15, in ya wuce kilomita 32 da sauran ƙarfi sai ya ƙara mai.